Littafin aiki: fito da fuskar Kawu daga cikin duhu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Jiya aka yi addu'ar bakwai ta Kawu a Tudun Wada, Kaduna. Bayan mutane sun watse, babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce, "Kai ne mai aikin bidiyo. Hirar nan da ƙanenka ya yi da Baba a watan Nuwamba, ita kaɗai gare mu da muryarsa da fuskarsa tare. Ka duba mana ko za ta gyaru kafin arba'in." Na ce, "To Yaya, zan gwada." Arba'in ta kama 12 ga Fabrairu, ke nan wata guda gare ni.

Hirar minti 38 ce. Kawu yana zaune a kan darduma a ɗakinsa, yana ba da labarin shekarun da ya yi a masaƙar farko ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957. A minti na tara wuta ta ɗauke. Ƙanena bai so ya katse tsohon ba, kuma na fahimce shi, sai ya bar kyamara tana tafiya da hasken taga kawai, ga magariba tana gabatowa. Minti 29 da suka rage duhu ne, kuma a nan ne mafi daɗin labarin yake.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yini guda na ɓata. Bidiyon da aka turo min ta waya na buɗe, na ɗaga haske, sai na ga bangon ɗakin ya koma murabba'i-murabba'i kamar tayil, fuskar kuma kamar an shafa mata laka. Da na duba girman fayil ɗin sai na ga bai kai mega 200 ba. Wannan ba asalin ba ne, kwafi ne da waya ta matse kafin ta aika. Matsewar bidiyo wurin duhu take fara zubarwa, domin an gina ta a kan cewa ido ba zai lura da shi ba. Abin da nake nema shi ne daidai abin da aka zubar.

Na hau mashin zuwa Kawo wurin ƙanena. Alhamdu lillahi bai goge memorin ba. Asalin giga 14 ne. Na kwafe shi wuri biyu kafin na taɓa komai. Kuɗin mashin zuwa da dawowa, ₦2,400.

Talata, 14 ga Janairu

Yau awo kawai na yi, ban gyara komai ba. Da farko na tambayi fayil ɗin ko mene ne shi:

```
ffprobe -v error -select_streams v -show_entries stream=pix_fmt,color_range,bit_rate kawu.mp4
```

Amsa: `yuv420p`, `tv`, wajen megabit 50 a daƙiƙa. Na yi fatan ganin `pc`, domin wani lokaci kyamara takan yi amfani da dukkan matakan haske daga 0 zuwa 255, manhajar editin kuma ta ɗauka daga 16 ne baƙi ya fara, ta danne duk abin da ke ƙasa da haka. In haka ne, gyara `Data Levels` a `Clip Attributes` kaɗai yakan dawo da inuwa mai yawa a kyauta. A nan ba haka ba ne. Babu ɓoyayyen komai.

Sai na sa shi a DaVinci Resolve na kyauta, na buɗe `Waveform`, wanda ma'auninsa ke tafiya daga 0 zuwa 1023. Lokacin da akwai wuta, goshin Kawu yana wajen 430. A minti na 14, goshin ya sauko 190, kuncin da ke nesa da taga yana 70, bango yana 50.

Na zauna na yi lissafin abin da wannan ke nufi, kuma shi ya nuna min girman aikin. Bidiyo mai bit 8 matakai 219 kacal gare shi tsakanin baƙi da fari. Daga kuncin inuwa zuwa goshi, duk fuskar tana cikin matakai kamar 26. Tsagar da ke kumatunsa, furfurar gemu, ƙyallin ido, duk a cikin 26 ɗin nan suke. Shi kuma noyis, yashi-yashin nan da ke rawa a hoto, yana hawa da sauka wajen matakai uku. Ke nan bambancin da ke tsakanin tsaga da fatar da ke gefenta bai fi girman yashin da ke kanta ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Na gwada hanyar da kowa yake fara gwadawa, don in ga iyakarta da idona. Na ja `Gain` har goshi ya koma 430. Hakan ninki biyu da 'yan kai ne, kuma yashin ma ya ninku daidai haka, domin `Gain` bai san fuska ba, bai san yashi ba, lamba kawai yake ninkawa. Bango ya cika da ɗigo ja da shuɗi suna tafasa. Da na koma `Lift` sai abin ya fi muni: baƙi ya zama toka-toka kamar hazon hunturu, murabba'an matsewa suka fito fili, fuskar kuma ba ta ƙara bayyana ba.

Wannan shi ne gaskiyar da zan yi aiki da ita. Hasken da bai shiga kyamara ba ranar, babu maɓallin da zai kawo shi. A cikin firem guda, duk abin da na ɗaga da yashinsa zai taso. Wuri ɗaya ne zan iya samo ƙarin bayani, wato firem ɗin da ke gaba da na baya. Kyamara tana kan ƙafarta ba ta motsi, Kawu yana zaune, firem 25 a kowace daƙiƙa. Tsagar kumatunsa tana wuri ɗaya a dukkansu, yashin ne kawai ke sauya wuri. In aka haɗa firem huɗu aka ɗauki matsakaicinsu, yashi yakan ragu da rabi. In tara ne, yakan koma kashi ɗaya cikin uku. A aikace ba a kaiwa haka sosai, saboda matsewar kyamara ta riga ta kwaɓa yashin wani firem da na wani, amma hanyar ke nan.

Saboda haka tsarin aikin: wankewa da farko, ɗaga haske daga baya.

Juma'a, 17 ga Janairu

Babu wuta tun asuba. Fetur lita uku, ₦3,000. Na yanko daƙiƙa 20 daga minti na 14 inda Kawu yake zaune shiru-shiru, da wasu 20 daga minti na 22 inda yake kwatanta aikin injin saƙa da hannu. Da waɗannan biyun zan riƙa gwaji.

Litinin, 20 ga Janairu

Kayan rage yashi na Resolve sai a Studio, na kuɗi, don haka na koma ffmpeg. Kwana uku ina fama, kuma matsala biyu na ci karo da su waɗanda nake so in rubuta dalla-dalla.

Ta farko. Na fara da `hqdn3d`, mai karɓar lamba huɗu: ƙarfin goge haske a cikin firem, ƙarfin goge launi a cikin firem, sannan na haske tsakanin firem da firem, da na launi tsakanin firem da firem. Ni ba na son ya goge haske a cikin firem ko kaɗan, domin wannan ne ke shafe ƙananan abubuwa, sai na rubuta sifili a ta farko. Abin da ya fito ya tayar min da hankali. Yashi ya tafi, amma fuskar ta zama sumul kamar ta roba. Tsagar kumatu uku da na sani tun ina yaro ta koma inuwa guda. Aikin hularsa, ɗinkin nan mai ƙananan gidaje, ya narke. Na yi ta rage sauran lambobin, babu canji. Sai da dare na gano cewa a wannan filta, sifili ba ya nufin a kashe. In ka rubuta sifili, sai ya ɗauka ba ka ba shi komai ba, ya sa lambarsa ta asali, wato 4. A hoton da duk fuska ke cikin matakai 26, wannan ƙarfin ya isa ya share ta. Da na sa 0.5 tsagar ta dawo.

Ta biyu ta fi wuyar gani. Bayan na wanke, na fitar da fayil ɗin a bit 8 kamar yadda ya shigo, na kai Resolve na ɗaga haske. Sai ga bango ya yi zobe-zobe, layi bayan layi, kamar taswirar tudu. Kafin wankewa babu wannan. Dalilin shi ne, yashin da kansa yake ɓoye tazarar da ke tsakanin matakai. Ɗigo ɗaya yakan zama 27 a wannan firem, 28 a na gaba, kuma matsakaicinsu 27 da rabi shi ne ainihin hasken wurin. Wannan rabin shi ne ribar da na wahala na samo. Bit 8 ba shi da wurin ajiye rabi, sai ya mayar da shi 27 ko 28, ribar ta zube. Bit 10 yana da matakai huɗu a madadin kowane ɗaya. Dole ke nan a ɗaga fayil ɗin zuwa bit 10 kafin filta ta taɓa shi, kuma a ajiye shi a haka. Mayar da bidiyo bit 10 shi kaɗai ba ya ƙara komai, amma yana ba matsakaicin wurin zama.

Laraba, 22 ga Janairu

Na koma `atadenoise` don babban aikin. Shi yana duba firem na gaba da na baya duka, kuma yana daina haɗawa da zarar ya ga ɗigo ya sauya fiye da iyakar da aka ba shi. Iyakarsa ta asali ga haske 0.02 ce, kusan matakai biyar. Ga hoto mai cikakken haske wannan kaɗan ne, amma a nawa ya yi yawa, tunda yashin bai wuce uku ba. Na sauke ta zuwa 0.015. Ga launi kuwa na sake masa hannu sosai, domin ido ba ya ganin ƙananan abubuwa a launi kamar yadda yake gani a haske, kuma ɗigon ja da shuɗin nan su ne suka fi ɓata hoton. Ga abin da na tsaya a kai:

```
ffmpeg -i gwaji14.mp4 -vf "format=yuv420p10le,atadenoise=0a=0.015:0b=0.04:1a=0.03:1b=0.08:2a=0.03:2b=0.08:s=9,hqdn3d=0.5:5:0.5:3,format=yuv422p10le" -c:v prores_ks -profile:v 3 -c:a pcm_s16le wanke14.mov
```

Yadda nake tantance ko na wuce gona da iri: ina ɗora wankakken a kan asalin a Resolve, in sa `Composite Mode` a `Difference`, in ɗaga hasken sakamakon sosai. Abin da ke bayyana shi ne abin da filta ta cire. In yashi zalla na gani, ko'ina iri ɗaya, to lafiya. In na fara gane siffar ido, ko layin gemu, ko gidajen hula a ciki, to filta ta fara cin naman hoton, sai in rage. Da lambobin da ke sama, a minti na 14, yashi kawai nake gani sai ɗan alamar leɓe lokacin da yake magana.

Da na ɗaga haske a kan wannan, na ga furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya. Na daɗe ina kallon sikirin ban taɓa komai ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

ProRes HQ yana cin kusan giga ɗaya da rabi a minti, minti 29 ya kama wajen giga 40, kuma zan yi fiye da kwafi ɗaya. Laftof ɗina ba wuri. Na je Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na sayo faifan ajiya na hannu, tera ɗaya, ₦48,000. Na bar renda tana tafiya cikin dare.

Asabar, 25 ga Janairu

Minti na 22 ya ƙi. Kawu yana ɗaga hannu yana nuna yadda zare ke gudu a inji, sai hannun ya riƙa jan wata inuwa a bayansa, yatsu biyar su zama kamar takwas. Dalilin a fili yake. Firem tara a gudun 25 ya haura sulusin daƙiƙa, kuma hannu yana tafiya mai nisa a wannan lokacin. Da haske ya isa, da filta ta gane hannu daban riga daban, ta daina haɗawa. Amma a wannan duhun, hannunsa da rigarsa mai ruwan ƙasa matakai uku ko huɗu ne tsakaninsu, daidai girman yashi, don haka take haɗa su.

Na rage firem zuwa biyar, wanda shi ne mafi ƙarancin da take karɓa. Inuwar ta gajarta amma tana nan, yashi kuma ya dawo rabi. Na sauke iyakar zuwa 0.01, inuwa ta tafi, wankewa ma ta tafi. Waɗannan filtocin biyu ba sa bin motsi. Suna kwatanta ɗigo da ɗigon da ke daidai wurinsa a firem na gaba, ko da abin da ke wurin ya riga ya matsa. Abin da nake buƙata shi ne wanda zai fara gano inda hannun ya koma, ya jera firem ɗin a kansa, sannan ya haɗa.

Na bi hirar duka da biro da takarda. Wuraren da hannu ke motsi sosai guda bakwai ne, jimillarsu minti shida da 'yan daƙiƙu.

Talata, 28 ga Janairu

Na tafi Barnawa wurin wani tsohon maigidana da na koyi editin a hannunsa, yana da Resolve Studio da kwamfuta mai ƙarfi. Da ya ji na mamaci ne ya ce ba zai karɓi kuɗin aiki ba, in dai sa fetur. ₦6,000.

Na kai masa asalin fayil ɗin, ba wankakken ba. A nod na farko, wato matakin gyara na farko, muka sa rage yashi, a na biyu muka ɗaga haske sosai na wucin gadi, don mu riƙa ganin abin da na farkon yake yi. `Temporal NR`: `Frames` 3, `Motion Est. Type` a `Better`, `Motion Range` a `Medium`. Muka raba haske da launi, `Luma` 10, `Chroma` 24. A `Spatial NR` muka bar `Luma` a sifili, `Chroma` 8. A nan sifili sifili ne.

Ina so in ƙara `Luma` zuwa 18 saboda bango bai kwanta ba, sai ya riƙe min hannu. Ya ce, "Bari. Wa zai kalli bango? Dubi bakinsa." Na duba, a 18 leɓen ƙasa yana makara kaɗan a bayan magana, kamar an shafa shi. Na ce, "Gaskiya ne, Oga." Muka koma 10. Yatsu sun dawo biyar. Gefen hannun yana da ɗan yashi fiye da sauran hoton lokacin da yake gudu, kuma haka ya kamata, domin a nan ne manhajar ta ƙi haɗa abin da ba ta tabbatar ba. Ido ba ya kama yashi a kan abin da ke motsi.

Minti shidan sun ɗauki kusan awa biyu. Na fitar da su ProRes na dawo gida.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na jera guntayen Barnawa a wurarensu. Mahaɗa biyu suna nunawa saboda yashin bai zo ɗaya ba, na sa narkewa ta firem 12 a kowace.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau aka fara ɗaga haske na gaske, kuma shawarar da na yanke ita ce ba zan mayar da goshi 430 ba. Na tsaya a 340. A lissafin hasken kyamara wannan kamar sitof biyu ne aka ƙara, maimakon kusan uku, kowane sitof kuwa ninka haske biyu ne. Da yamma aka yi hirar, a ɗaki, kusa da taga, kuma babu laifi in ta yi kama da haka. Sitof na ukun nan shi ne mai tsada, shi ke fito da duk abin da wankewa ta bari.

Da `Curves` na yi, ba da `Lift` ba. Na kafa ɗigo a ƙasa wajen 30 na danne shi a inda yake, don duk abin da ke ƙasa da haka, ƙarƙashin gado da lungun ƙofa, babu komai a cikinsa sai yashi da murabba'ai. Daga nan layin ya hau da sauri ta yankin 70 zuwa 190 inda fuska take, sannan ya kwanta a sama don kada labulen taga ya ƙone. Sai na zana `Power Window` mai siffar ƙwai a kan fuska da ƙirji, gefensa da laushi sosai, na bi motsinsa da `Tracker`. Rabin ɗagawar a cikin wannan ƙwan take. Bango ya tashi daga 50 zuwa 70 kawai, kuncin inuwa ya tashi daga 70 zuwa 150. Da bango ya zauna a duhunsa, fuskar ta fi fitowa ma fiye da lokacin da na haska komai.

Launi ya ba ni ɗan aiki. Kyamarar an saita ta ne don ƙwan lantarki, da wuta ta ɗauke sai hasken taga ya sa komai ya yi shuɗi. Gyara wannan yana nufin ƙara ja, kuma jan yana zuwa da nasa yashin. Na gyara kashi biyu cikin uku na bar sauran. A `Lum vs Sat` na rage launi a wurare mafi duhu, ɗigon da suka rage a lungu suka koma toka, ba sa jan ido.

Rana tana faɗuwa a cikin hirar, don haka gyara ɗaya ba zai yi wa minti 29 ba. Na sa alamar sauyi duk bayan minti huɗu, ina bin goshi a `Waveform`, ina barin shi ya sauka a hankali daga 340 zuwa wajen 290.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Hoton ya yi tsabta fiye da kima a wuraren da ba motsi, har fuskar takan yi kamar hoton da aka manna. Na ɗora asalin a sama da irin gyaran hasken, `Opacity` 20. Ɗan yashin da ya dawo ya sa fata ta koma fata, ragowar zoben bango ma ya ɓace.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Minti biyar na ƙarshe sun gagare ni. Goshi yana 90, kuncin inuwa ya nutse cikin baƙi, fuskar duka ba ta kai matakai 15 ba. A nan matsewar kyamara ta riga ta share ƙananan abubuwa tun ranar ɗauka, don haka ko na haɗa firem nawa, murabba'i nake haɗawa da murabba'i. Na gwada firem 15, fuskar ta tsaya cik kamar abin rufe fuska, baki kaɗai ke motsi. Ban ji daɗin ganin Kawu a haka ba, na goge.

Akwai manhajojin da ke zana fuska sabuwa a irin wannan wurin. Ba zan yi amfani da su ba a nan. Abin da za su zana ba tsagarsa ba ce, ba idonsa ba ne, kuma waɗanda za su kalla sun san fuskar nan fiye da kowa.

Abin da ya ɗan yi aiki shi ne cire launi gaba ɗaya. A `RGB Mixer` na kunna `Monochrome`, na ba kore kaso mafi yawa, ja kaɗan, shuɗi kusan babu, domin a `Parade` shuɗin ne ya fi kowanne ƙazanta, koren ya fi tsabta. A baƙi da fari ana gane shi, ana ganin yana murmushi lokacin da yake faɗin yadda jiniyar masaƙa ke tashin unguwa da asuba. Amma minti biyun ƙarshe ko wannan bai cece su ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Bayan sallar Juma'a na kai wa Inna laftof har ɗakinta, tunda tana takaba. Na nuna mata minti na 14, da na 22, da na ƙarshen a baƙi da fari. Ta sa tabarau ta matso. Da ya ɗaga hannu yana kwatanta zare sai ta ce, "Haka yake yi. Ko abinci yake ba da labari sai ya yi haka da hannu." Na tambaye ta game da minti biyun da suka ƙi, ko in yanke su. Ta ce, "A'a, ɗan nan, kada ka yanke masa magana." Ta sa aka ɗauko wata tsohuwar jaka, ta fito da hotuna huɗu: ɗaya yana saurayi da kayan aiki a ƙofar masaƙa, ɗaya ranar aurensu, biyu da yara. Za su hau kan muryarsa a minti biyun, har zuwa inda aka ji kiran sallar magariba ya ce a tsaya nan.

Sikanin hotuna huɗu, ₦2,000.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Fitarwa ta farko ta ɓata rabin aikin. Da saitin da na saba, bango ya koma murabba'ai, ɗan yashin da na mayar ya daskare yana motsi guntu-guntu. Matsewa ta sake yin halinta a wurin duhu. Na fitar da ProRes daga Resolve, na matse da kaina:

```
ffmpeg -i gama.mov -c:v libx264 -preset slow -crf 17 -tune grain -aq-mode 3 -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 192k kawu_gama.mp4
```

`-aq-mode 3` yana karkata rabon bayanai zuwa wuraren duhu, `-tune grain` kuma yana hana a shafe yashin. Fayil ɗin ya yi nauyi, amma bango ya zauna lafiya.

Na gwada a talabijin ɗin gidan Kawu da dare. An saita ta a yanayin da ke ƙara haske da kaifi, sai yashi ya fito fiye da yadda yake a laftof. Na mayar da ita yanayin kallon fim, na rage kaifin zuwa ƙasa, ya daidaita. Na roƙi Yaya kada a taɓa rimot ɗin kafin Laraba.

Jimillar kashewa zuwa yau, har da fetur na sauran kwanaki: ₦70,400.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Saura: sauti yana da ƙarar janaretan maƙwabta daga minti na 11, zan rage shi gobe. Filasha uku, ɗaya ta Inna, ɗaya ta Yaya, ɗaya ta 'yan Zariya. Masu so ta waya za a tura musu a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo ba, in ba haka ba zai koma yadda na same shi ranar 12 ga Janairu. Asalin giga 14 da wankakken ProRes suna kan faifan ajiya, zan kuma kai kwafi ɗaya Kawo. Bayan arba'in ina so in koma Barnawa in bi minti 29 ɗin duka da mai bin motsi, in kwatanta da na yanzu, musamman wurin leɓe.